Sa hannun mai bincike a rahoton muhalli: tambayoyi da amsoshi

Manyan kamfanoni, daga bankuna da kamfanonin sadarwa zuwa masu haƙo mai da masu yin siminti, sun saba yanzu da fitar da rahoto duk shekara a kan hayaƙin da suka saki, ruwan da suka yi amfani da shi, man da ya malala, da ma'aikatan da suka ji rauni. A ƙarshen irin wannan rahoto sau da yawa akwai wasiƙa mai shafi biyu ko uku daga wani mai bincike mai zaman kansa. Mutane kan ga sa hannun su ɗauka an wanke kamfanin ke nan. Tambayoyin da ke ƙasa a kan wannan wasiƙa suke, da hujjojin da aka gina ta a kansu.

Wane aiki mai binciken yake yi takamaimai?

Kamfani ne ke rubuta rahotonsa, shi ne kuma ke da alhakin duk alƙaluman da ke ciki. Mai bincike yana zuwa daga baya, ya ɗauki alƙaluman da aka amince zai duba, ya bi sawunsu har inda suka fito, sannan ya gwada su da ma'aunin da kamfanin ya ce ya bi. Idan hayaƙin da ke ɗumama duniya ne, ma'aunin galibi shi ne GHG Protocol, wanda aka fara fitarwa a 2001.

Tambayar da yake amsawa ita ce: an haɗa wannan adadi bisa ƙa'idar da aka ce an bi, ba tare da babban kuskure ba? Ba a tambaye shi ko kogin da ke bayan masana'antar yana da tsabta ba. Kamfanin da ya gurɓata gari guda, idan ya rubuta gurɓatar daidai yadda ta faru, zai samu wasiƙa marar aibu, kuma mai binciken bai yi ƙarya ba.

Aikin yana da nasa ƙa'idojin. An daɗe ana aiki da ISAE 3000, sai ISAE 3410 ga hayaƙi, injiniyoyi kuma sun fi riƙe ISO 14064-3. A watan Nuwamban 2024 hukumar IAASB, wadda ke tsara ƙa'idojin bincike na duniya, ta fitar da ISSA 5000 musamman domin irin wannan rahoto, wanda ake kira rahoton ɗorewa, zai kuma fara aiki ne a kan rahotannin shekarun da suka soma daga 15 ga Disamban 2026.

Na ga an rubuta cewa tabbacin taƙaitacce ne. Me ya raba shi da ɗayan?

Mataki biyu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi yadda ake zato.

A taƙaitaccen tabbaci, mai bincike yakan zauna da ma'aikatan da suka tara alƙaluman ya yi musu tambayoyi, ya kwatanta na bana da na bara, ya duba ko lissafin ya shiga hankali, ya ɗan gwada wasu takardu. Wataƙila ya ziyarci wuri ɗaya ko biyu cikin wurare talatin, wataƙila ma daga ofis ya gama komai. Abin da yake rubutawa a ƙarshe shi ne bai ci karo da wani abin da zai sa ya yi zaton akwai babban kuskure ba. A lura da yadda aka gina maganar. Bai ce alƙaluman daidai suke ba. Cewa ya yi iyakar inda ya duba bai ga matsala ba, kuma tun farko an yi yarjejeniya cewa ba zai duba da nisa ba.

Mataki na biyu, tabbaci mai ƙarfi, shi ne irin wanda ake bayarwa a binciken asusun kuɗi. Nan mai bincike sai ya gwada tsarin da kamfanin ke tara bayanai da shi ya ga ko yana aiki, ya ɗebi takardu da yawa, ya je wuraren da kansa, ya nemi shaida daga waɗanda ba ma'aikatan kamfanin ba. Sai ya rubuta kai tsaye cewa a ra'ayinsa an haɗa alƙaluman daidai. Ko wannan ba rantsuwa ba ce cewa babu kuskure ko ɗaya, domin samfuri yake ɗauka, kuma idan mutane suka haɗa baki suka ƙirƙiri takardu tun daga tushe, suna iya wuce shi.

Mafi yawan wasiƙun da ke cikin rahotannin muhalli a duniya na matakin farko ne. Dokar Tarayyar Turai ta rahoton ɗorewa, wato CSRD, ma da shi ta soma. Dalilin bai wuce kuɗi da halin da bayanan suke ciki ba: kamfanoni da dama har yanzu suna tara alƙaluman muhalli ne a jadawalin kwamfuta da mutum ɗaya ke cikewa da hannu, kuma irin wannan tsari ba ya jure bincike mai zurfi.

A ba mu misali. Yaya ake binciken adadi ɗaya daga farko har ƙarshe?

Mu ƙaddara wata masana'anta a Sharaɗa da ke Kano, wadda rabin aikinta da janareta take yi. Ta rubuta a rahotonta cewa ta ƙona litar dizal 1,200,000 a shekara. Kowace litar dizal idan ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.68 na iskar kabon, saboda haka ta ce ta saki tan 3,216.

Mai bincike zai fara da tambayar inda aka samo 1,200,000. Sai a ce masa daga takardun biyan kuɗi na dillalan mai ne. Ya karɓi jerinsu, ya tara, ya ga sun kai hakan. Ya zaɓi wasu daga ciki, ya nemi takardar da direban tanka ya kawo da sa hannun sito, ya kuma duba bayanan banki ya ga an biya kuɗin. Wannan hujja ce mai kyau, domin ɓangarori uku ne suka bar sawu, dillali da mai sito da banki, kuma babu wanda ke biyan kuɗin man da bai karɓa ba da saninsa.

Amma abin da aka saya daban, abin da aka ƙona daban. Sai ya nemi littafin awon tanki. A farkon shekara akwai lita 40,000 a ciki, a ƙarshenta akwai 65,000. Ke nan lita 25,000 daga cikin abin da aka saya suna nan ba a taɓa ba, abin da janareta suka sha 1,175,000 ne. A nan kamfanin ya ƙara wa kansa hayaƙi.

Daga nan sai ya koma ga tambayar da ta fi kowacce wuya a wannan aiki: me aka bari a waje? Bin sawun abin da aka rubuta abu ne mai sauƙi. Gano abin da ba a rubuta ba sai an fita daga jerin da kamfani ya miƙo. Zai buɗe babban littafin asusu ya nemi duk inda aka kashe kuɗi a kan mai, sai ya tarar da manyan motocin kamfanin suna shan mai a gidajen mai na hanya, ana rubuta shi ƙarƙashin kuɗin sufuri. Lita 90,000, ba wanda ya gaya wa jami'in muhalli. Adadi na gaskiya ya koma 1,265,000, wato kusan tan 3,390. An rage tan 174.

Akwai gwaji na ƙarshe da ba ya buƙatar takardar kowa. Babban janareta mai lafiya yana shan tsakanin lita 0.25 zuwa 0.3 a kan kowane yunit na wuta. Idan mitar janaretocin ta nuna yunit miliyan 4 a shekarar, an sha kusan 0.29 ke nan, magana ta zauna. Da yunit miliyan 3 ta nuna, lissafin zai haura 0.39, sai mai bincike ya tsaya: ko mitar ta lalace, ko injin ya tsufa, ko man yana fita ta ƙofar baya. Idan sace shi ake yi, an ƙona shi a wani wuri, ba a janaretan kamfanin ba.

Wanda aka ɗauka aikin taƙaitaccen tabbaci yana iya tsayawa tun a mataki na farko ko na biyu, kuma bai saɓa yarjejeniya ba.

To tan 174 cikin dubu uku, babban kuskure ne?

Kafin a fara aiki mai bincike yakan sa wa kansa iyaka, kuskuren da ya haura ta zai iya sauya shawarar mai karatu. A lissafin hayaƙi an fi amfani da kashi 5 cikin ɗari. Tan 174 ya ɗan haura kashi 5, don haka sai kamfanin ya gyara, ko kuma mai bincike ya rubuta togaciya a wasiƙarsa. Da motocin lita 60,000 suka sha, kura-kuran biyu sun cinye juna zuwa ƙasa da kashi 3, adadin yana iya wucewa a haka. Mai bincike nagari duk da haka zai rubuta wa shugabannin kamfanin cewa tsarinsu na da ɓaraka, sai dai wannan takarda ba a buga ta, mai karatu ba zai gan ta ba.

Idan adadin rahoto ya dace da takardun asali, ba shi ke nan ba?

A'a, kuma abin da ya faru a Bodo ya isa shaida. Bodo gari ne na masunta a ƙaramar hukumar Gokana ta Jihar Ribas, cikin ƙasar Ogoni. A 2008 bututun mai na Trans Niger, wanda kamfanin Shell ke gudanarwa a lokacin, ya fashe a can sau biyu.

A Najeriya idan mai ya malala, akwai ziyarar binciken haɗin gwiwa da ake kira JIV. Wakilan kamfani, da na hukumomi irin su NOSDRA, mai sa ido kan malalar mai, wadda aka kafa a 2006, da na al'umma, su je wurin tare su cike takarda: yaushe malalar ta fara, me ya jawo ta, ganga nawa ta zube. Wannan takarda ita ce tushen alƙaluman malalar mai da kamfanoni ke sakawa a rahotanninsu. A malalar farko ta Bodo, takardar ta ce ganga 1,640, kuma ta ce abin ya fara ne ranar 5 ga Oktoba. Mutanen garin suka ce tun 28 ga Agusta man ke zuba, ba a kuma toshe shi ba sai 7 ga Nuwamba. Ƙungiyar Amnesty International ta ba wani kamfanin ƙwararrun bututu na Amurka, Accufacts, hoton bidiyon da aka ɗauka na yadda man ke feshi. Daga ƙiyasinsa, abin da ya zube ya kama tsakanin ganga 103,000 zuwa 311,000. Da aka kai ƙara kotu a Landan, Shell ya amince cewa alƙalumansa na Bodo sun gaza abin da ya zube, kuma a Janairun 2015 ya yarda ya biya fam miliyan 55.

Yanzu a tsaya a matsayin mai binciken da aka ba rahoto mai ɗauke da 1,640. Zai nemi hujja, a miƙo masa takardar JIV da sa hannu a kai. Adadi ya dace da takarda. Idan aikinsa ya tsaya nan, ya gama, alhali takardar ce ke da matsala. Man da ya zube cikin fadama ba shi da rasit kamar dizal. Ana ƙiyasta shi ne daga faɗin wurin da ya ɓata da kaurin man da ake gani, abin da ruwa ya riga ya kwashe kuwa ba ya shiga awo. Idan aka matsar da ranar farawa da mako biyar, adadin ya ragu ba tare da an taɓa komai ba. Ga shi kuma galibi kamfanin ne ke da jirgin ruwan da za a je wurin da shi, da kayan awo, da injiniyan da zai ce tsatsa ce ko ɓarayi ne suka huda, wannan hukunci kuwa shi ke nuna ko za a biya diyya.

Saboda haka nake ganin tambayar da ta fi muhimmanci ga kowane adadi ita ce: wa ya fara rubuta shi, kuma akwai wani na daban da ya auna abin? Mai bincike yana zuwa ne watanni bayan abin ya wuce. Ba zai iya komawa ya auna man da ya riga ya bi ruwa ba.

Gas ɗin da ake ƙonawa a Neja Delta fa? Ai ana ganin wutar daga sama.

Ana gani, kuma wannan yana cikin wurare ƙalilan da mai bincike ke da shaidar da ba ta bi ta hannun kamfani ba. Na'urar VIIRS da ke kan tauraron ɗan'adam tana hango zafin harshen wutar da dare, daga zafin ake ƙiyasta yawan gas. Da ita Bankin Duniya ke fitar da alƙalumansa na shekara, NOSDRA ma tana da shafin da ke nuna wutar kowane wuri. Akwai dalilin neman shaida ta biyu, domin dokar 2018 ta sa tarar dala 2 a kan kowace ƙafa dubu ta gas da babban kamfani ya ƙona, wato wanda ke ba da adadin shi ne zai biya tara a kansa.

Amma tauraron ma ƙiyasi yake bayarwa. Hadari yana rufe masa ido, yankin kuwa damina ta fi rani tsawo. Ƙaramar wuta tana iya ɓace masa. Yana da amfani wajen nuna cewa wurin da aka ce an kashe wuta yana nan yana ci, ko cewa adadin kamfani ya gaza da rabi. Ba zai raba gardamar kashi 10 ba.

Akwai kuma abin da ba ya gani ko kaɗan, gas ɗin da ya fita bai ƙone ba. A lissafi an saba ɗauka cewa wutar tana cinye kashi 98 cikin ɗari, kashi 2 ne ke tserewa a matsayin iskar mitan, wadda ƙarfinta na ɗumama duniya ya ninka na kabon kusan sau 28 a tsawon shekara ɗari. Wani bincike da aka buga a 2022, wanda aka yi da jirgin sama a manyan filayen mai uku na Amurka, ya samu kusan kashi 91, saboda wasu wutar ba ta ci da kyau, wasu ma a mace suke gas na fita. Abin da ke tserewa ya tashi daga 2 zuwa 9 ke nan. Kamfanin da ya yi lissafi da 98 ya bi ƙa'ida, mai bincike zai sa masa hannu, alhali lambar zato ce da aka ara, ba wanda ya auna ta a bakin wutar kamfanin.

Gurɓataccen ruwa da ƙasa kuwa ai ana kai su ɗakin gwaji. Wannan ba hujja ce mai ƙarfi ba?

Sakamakon gwaji yana ba da labarin kwalbar da aka kai ne kawai. A ɗauki masana'antar jima a Challawa, inda sinadarin kuromiyom ke cikin ruwan da ake zubarwa. Idan ana ɗibar samfuri sau ɗaya a wata uku, da safe, a ranar da kowa ya san za a zo, kwalabe huɗu ne ke wakiltar shekara guda. Injin tace ruwa yana cin wuta da sinadarai masu tsada, kuma ba abin da ya fi sauƙi kamar a kunna shi ranar baƙi.

Mai binciken da ya san aikinsa ba ya tsayawa ga takardar sakamako. Yakan tambayi wa ya ɗebi ruwan, a wane bututu, da ƙarfe nawa, kuma awa nawa ya yi kafin ya isa ɗakin gwaji. Yakan duba ko ɗakin gwajin yana da shaidar ƙwarewa ta ISO 17025 a kan wannan gwajin takamaimai. Sannan ya koma ga abin da ke da rasit: buhu nawa na sinadarin tacewa aka saya a shekarar, wuta nawa injin ya ci, mota nawa ta kwashi laka. Injin da aka ce ya yi aiki kullum amma sinadarin wata biyu aka saya masa ya riga ya ba da amsa.

Ga ƙasa, rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kan Ogoni, na Agustan 2011, ya nuna bambancin takarda da rami. Cikin wurare 15 da bayanan kamfanin Shell suka ce an gama gyarawa, 10 sun fito da gurɓata sama da iyakar da kamfanin da gwamnati suka sa. Masu binciken hukumar sun haƙa ne da kansu, har ƙasa da inda aka saba dubawa. A Nisisioken Ogale sun tarar da sinadarin benzin a ruwan rijiya ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sama da sau 900. Irin wannan aikin ya ci fiye da shekara, da tawagar masana. Babu mai binciken rahoton shekara da ake ba wannan lokaci ko wannan kuɗi.

Hayaƙin dillalai da masu sayen kaya, da alkawuran nan gaba, ana iya bincikarsu?

An raba hayaƙin kamfani gida uku: wanda ya ƙona da kansa, na wutar lantarkin da ya saya, da na duk sauran, daga masu kawo masa kaya zuwa masu amfani da abin da ya sayar. Na ukun yakan fi sauran girma nesa ba kusa ba, shi ne kuma mafi raunin hujja. Kamfanin da ke sayen shinkafa daga dubban ƙananan manoma ba shi da awon gonar ko ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya ɗauki nauyin kayan ko kuɗin da ya kashe, ya ninka da wata lamba ta matsakaici, sau da yawa wadda aka samo daga wata ƙasa. Mai bincike zai iya cewa an ninka daidai, an kuma bayyana inda aka aro lambar. Iyakarsa ke nan, shi ya sa wasiƙu da yawa suke cire wannan gida gaba ɗaya.

Alkawari kuwa, kamar a ce za a rage hayaƙi da rabi nan da 2035, abu ne da bai faru ba, babu hujjarsa. Ana dai iya duba ko hukumar daraktoci ta amince da shi, ko an ware masa kuɗi, da kuma shekarar da aka ɗauka a matsayin mafari, domin wanda ya zaɓi shekarar da hayaƙinsa ya fi yawa ya riga ya yi rabin tafiya a takarda.

Tunda kamfani ne ke biyan mai binciken, me zai hana shi rufe ido?

Damuwa ce ta gaskiya. Kamfani ne ke zaɓensa, shi ke biyansa, kuma inda doka ba ta tilasta ba, shi ke faɗin alƙaluman da za a duba. Abin da ke riƙe mai bincike shi ne lasisinsa, da sunansa, da tsoron shari'a, da dokar da ta hana shi binciken abin da shi ya taimaka aka haɗa. A Janairun 2025 hukumar IESBA, wadda ke tsara ƙa'idojin ɗa'a na akantoci a duniya, ta fitar da ƙa'idojin ɗa'a da 'yancin kai musamman ga masu wannan aiki.

Waɗannan ba kullum suke isa ba. A Brumadinho ta ƙasar Brazil, kamfanin TÜV SÜD ya ba madatsar lakar ma'adinai ta kamfanin Vale shaidar cewa a tsaye take da ƙarfinta a Satumban 2018. Ranar 25 ga Janairun 2019 ta fashe, mutum 270 suka rasu. Wannan shaidar injiniya ce, ba wasiƙar rahoton shekara ba, amma tsarin ɗaya ne: wanda ake dubawa shi ke riƙe da aikin mai dubawa na baɗi.

A Najeriya dole ne a yi wannan bincike?

Abu biyu ne da ake yawan cakuɗawa. Akwai binciken muhalli da hukumar NESREA ke nema daga masana'antu lokaci zuwa lokaci, wanda ke duba ko wurin yana bin doka. Wannan na hukuma ne. Akwai kuma rahoton da ake bugawa domin masu zuba jari. A wannan, Najeriya ta sanar a taron COP27 na 2022 cewa za ta ɗauki ƙa'idojin rahoton ɗorewa na hukumar duniya ta ISSB, waɗanda suka fito a Yunin 2023 da sunan IFRS S1 da S2. Jadawalin da hukumar FRC, mai kula da rahotannin kuɗi a Najeriya, ta fitar a 2024 ya bar abin a matsayin ganin dama na 'yan shekaru, ya wajabta shi a kan manyan kamfanoni daga 2028, ƙanana kuma daga 2030. Kafin lokacin, wasiƙar da ka gani a rahoto galibi kamfanin ne ya nema da kansa, bisa sharuɗɗan da ya zaɓa.

Idan rahoto ya zo hannuna, ina zan duba?

Ka fara daga wasiƙar, kafin hotunan dashen itatuwa. Nemi sakin layin da ya lissafa abin da aka duba. Rahoto mai shafi 150 yana iya ƙunsar alƙaluma ɗaruruwa, a ce takwas aka bincika, a sa musu ɗan tauraro ko alama a gefe. Duk wanda ba shi da alamar maganar kamfani ce kawai. Sai ka tambayi kanka ko abin da ya fi damun maƙwabtan kamfanin yana cikin takwas ɗin. Kamfanin siminti da aka duba masa yawan takardar ofis da awannin horar da ma'aikata, aka bar hayaƙin tanderu, bai nuna maka komai ba, domin kowane tan na kilinka, wato ƙonannen dutsen da ake niƙawa a yi siminti, yana fitar da kusan rabin tan na kabon daga dutsen farar ƙasa kaɗai, kafin a lissafa man da aka ƙona.

Bayan haka ka duba iyakar da aka zana. Wasu kamfanoni suna lissafa wuraren da suke gudanarwa da kansu ne kawai, sai rijiyar da suke da kashi 40 a cikinta amma wani ke gudanarwa ta faɗi waje, haka ma 'yan kwangila a lissafin waɗanda suka ji rauni. Idan hayaƙi ya sauka ƙwarai a shekara guda, duba ko an sayar da wata masana'anta ne, ko an sauya lambar da ake ninkawa da ita, ka kuma ga ko an sake lissafin shekarun baya da sabuwar hanyar.

Sannan ka karanta jerin ayyukan da mai binciken ya ce ya yi. Wasiƙa mai nauyi takan ambaci wuraren da aka taka da sunansu. Wadda ta tsaya ga an tattauna da shugabanni an duba takardu, daga hedikwata aka rubuta ta. Idan ma'aunin da aka ambata na cikin gida ne, wato kamfanin ya rubuta wa kansa, nemi inda aka buga shi ka ga yadda ya fassara malala, ko rauni, ko ruwan da aka sake amfani da shi. Wasu kamfanonin mai ba sa saka malalar da ba ta kai kilo 100 ba, wasu kuma ganga ɗaya ce iyakarsu, saboda haka ba a gwada adadin wannan da na wancan sai an san ma'aunin kowanne.